Masaukin Baƙi a Intanet: Abin da Baƙo Ke Son Gani Kafin Ya Tura Kuɗi

Mutumin da zai taso daga Gusau ya kawo mahaifiyarsa asibiti a Kano, ko ɗan kasuwar da zai zo daga Maraɗi sarin atamfa a Kantin Kwari, yanzu ba sai ya sauka a tasha yake tambayar inda zai kwana ba. Tun yana gida zai ɗauki waya ya nemi masauki kusa da inda zai je, ya duba hotuna, ya tura saƙo gida biyu ko uku. Wanda ya fara ba shi amsa mai gamsarwa, yawanci shi ke samun cinikin. Tambayoyin da ke ransa kuwa ba su da yawa. Akwai wuta da dare? Akwai ruwa a banɗaki? Ina zai ajiye mota? Nawa ne, kuma za a ƙara masa wani abu idan ya iso? Aikin tallar masauki a intanet shi ne amsa waɗannan tun kafin a yi su, ta hanyar da baƙo zai tarar da abin da aka faɗa masa ranar da ya buɗe ƙofar ɗaki.

Mu ƙaddara wani gida mai ɗakuna shida a bayan titin Zariya a Kano, ba nisa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ɗakuna huɗu masu na'urar sanyaya ɗaki, biyu masu fanka kawai, akwai sola da janareta da rijiyar burtsatse. Misali ne kawai, amma irin wannan gida ne mafi yawan masu karatu za su iya mallaka ko su yi wa aiki.

Abu na farko shi ne gidan ya fito a taswirar Google, kuma wannan kyauta ne. Ana buɗe shafi a Google Business Profile, a sa suna da lambar waya, a tabbatar wa kamfanin cewa gidan na nan, sau da yawa ta hanyar ɗaukar bidiyon ƙofa da allon suna da cikin gida. Inda aka fi yin ganganci shi ne wajen dasa alamar wuri. Da yawa daga layukanmu ba su da suna a taswira, don haka idan aka rubuta adireshi kawai, na'ura za ta jefa alamar a tsakiyar unguwa. Sai baƙo ya iso da ƙarfe goma na dare, mai adaidaita sahu ya sauke shi a ƙofar gidan wani. Maganin shi ne mutum ya tsaya a bakin ƙofar masaukin da wayarsa, ya ja alamar da yatsa ta zauna daidai kan ƙofar, sannan ya ba wani wanda bai san wurin ba ya gwada zuwa da taswirar.

Daga nan sai shafukan kama ɗaki irin su Booking.com da Airbnb da Hotels.ng na nan gida. Waɗannan suna kawo baƙin nesa, amma da la'adarsu. Idan ɗaki naira 25,000 ne a kwana, shafin kuma yana karɓar kashi 15 cikin ɗari, wanda shi ne abin da aka fi ji a Booking.com, to naira 3,750 ta tafi, saura 21,250 a hannun mai gida. A yi wannan lissafin kafin a sa farashi, ba ranar da takardar biyan la'ada ta iso ba.

Hotuna ne ya kamata a zauna a kansu, domin su ido ke fara gani, kuma akasarin hotunan masaukanmu da dare ake ɗaukarsu, ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya, gado ya cika hoton, labule a rufe. Wayar da ke aljihu ta isa. A fara da goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke hawa kan komai. Hoton da ya fito dishi-dishi galibi daga nan ne. A ɗauka da hantsi ko da la'asar, a buɗe labule, a kunna fitilun ɗaki duka. A riƙe wayar a kwance, ba a tsaye ba, saboda shafukan a kwance suke nuna hoto, na tsaye kuma sai su yanke masa sama da ƙasa. Mai ɗauka ya tsaya a kusurwar ɗaki ko a bakin ƙofa, wayar a daidai ƙirjinsa, kada ya karkata ta sama ko ƙasa. Yadda za a gane an yi daidai shi ne a dubi gefen ƙofa da kusurwar bango a cikin hoton: idan sun miƙe sosai, ya yi, idan sun kwanta kamar ginin zai faɗi, a sake.

Akwai wani maɓalli a wayoyin zamani da aka rubuta 0.5x a kansa, wanda ke faɗaɗa hoto. Yana da daɗin amfani, don ƙaramin ɗaki sai ya koma kamar falo. Ni dai shawarata a bar shi, sai fa a banɗaki inda ba wurin ja da baya. Baƙon da ya ga fili a hoto, ya zo ya tarar ba inda zai shimfiɗa dardumar salla tsakanin gado da bango, ba zai yi faɗa da kowa ba. Zai je ya rubuta a shafin cewa ɗakin ba kamar na hoto ba ne, kuma wannan jimla ɗaya za ta zauna a ƙarƙashin sunan gidan, kowa na karantawa.

A gidanmu na misali, hoto 20 zuwa 25 sun wadatar. Na farko ya zama ɗaki mafi kyau, a gyare, da farin zanin gado. Kowane irin ɗaki ya samu hotuna uku ko huɗu nasa, kada a nuna mai na'urar sanyi a sayar da mai fanka. Banɗaki dole ne ya fito, a wanke shi, a rufe murfin masai, a ga shawa da famfo da buta. Baƙon da ya saba tafiya ya san cewa idan ba hoton banɗaki, akwai abin da ake ɓoyewa. Sai harabar ajiye motoci, da faifan sola a kan rufi, da ƙofar gida kamar yadda ake ganinta daga titi, don wannan ne hoton da baƙo zai nuna wa direba. Kada fuskar baƙo ko lambar motarsa ta fito. Wani ƙaramin abu kuma: idan wani ne ya ɗauki hotunan zai turo ta WhatsApp, ya turo su a matsayin Document, in ba haka ba manhajar za ta matse su, su rasa kaifi.

Wajen rubuta bayani, kalmomin da aka fi so su ne "ƙasaitacce", "na alfarma" da "wuta awa 24". Biyun farko ba sa gaya wa kowa komai. Ta ukun kuwa alkawari ne da da wuya ƙaramin gida ya cika, domin ko layin Band A, mafi tsada a Najeriya, awa 20 aka yi masa alkawari a rana. Gara a rubuta abin da ke faruwa a zahiri, kamar haka: "Fitilu da fanka da cajin waya suna kan sola dare da rana. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki idan akwai wutar gwamnati, in babu muna kunna janareta daga 7 na yamma zuwa 6 na safe." Mai neman sanyi da tsakar rana a watan Afrilu zai nemi wani wuri, kuma gara haka da ya zo ya fusata. Haka nisa: maimakon "dab da asibiti", a ce minti nawa ne a ƙafa, bayan an taka an duba agogo.

Ƙa'idojin gida su ma a rubuce suke da amfani. Ƙarfe nawa ake shiga ɗaki, ƙarfe nawa ake fita, yaushe maigadi ke rufe ƙofa, wane katin shaida ake karɓa, ana barin masu ziyara su shiga ɗaki ko a falo ake ganawa, ana shigo da giya ko ba a yi. Baƙon da ya karanta wannan ya yarda ba zai tsaya gardama da yaron kanta da tsakar dare ba. A rubuta da Hausa da Turanci, kuma idan gidan na samun baƙi daga Nijar ko Chadi, layi uku na Faransanci ba za su yi asara ba.

Saura amsa saƙo, wanda a nan ne gidaje masu kyau ke rasa ciniki ba su sani ba. Airbnb yana ƙidaya saƙonnin da mai gida ya amsa cikin awa 24, kuma ba ya ba da lambar Superhost sai an amsa aƙalla kashi 90 cikin ɗari. Amma awa 24 iyakar kamfani ce. Mai jinya da ke cikin mota a hanyar Funtuwa ba zai jira ko awa ɗaya ba. Matsalar da aka saba gani ita ce lambar da ke shafin ta maigidan ce, shi kuma yana ofis ko ya yi tafiya. Gidan ya mallaki wayarsa, ta zauna a kanta a hannun duk wanda ke bakin aiki, da caji da data, a sa mata WhatsApp Business. A cikin manhajar akwai Quick replies, inda ake ajiye amsoshin da aka saba bayarwa. Ana buga alamar / sai jerinsu ya fito. A ajiye ɗaya da sunan /farashi, ɗaya /kwatance mai ɗauke da mahaɗin taswira, ɗaya /wuta. Akwai kuma Away message na lokacin da ba kowa, wanda ya kamata ya faɗi ƙarfe nawa za a amsa.

Saurin kaɗai bai isa ba. A ce wani ya rubuto, "Salamu alaikum, akwai ɗaki ranar Laraba?" Idan aka amsa da "Akwai" kawai, sai ya sake tambayar kuɗi, ya sake tambayar wuta, kowace tambaya da jiranta. Amsar da ke kama baƙo ita ce: "Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Laraba akwai ɗaki mai na'urar sanyi a kan 25,000, da mai fanka a kan 18,000, duka da banɗaki a ciki, ba wani ƙari. Kwana nawa za ku yi, kuma ku nawa ne? In jinya ce ta kawo ku, muna da ɗaki a ƙasa kusa da ƙofa." Saƙo ɗaya ya ba da farashi, ya ba da zaɓi, ya kuma jawo baƙon ya yi magana ta gaba.

Idan an zo kafin alƙalami, asusun da za a tura kuɗi ya ɗauki sunan masaukin. Baƙo na tsoron 'yan damfara masu kwafe hotunan gidajen mutane, kuma sunan wani mutum daban a asusu yana sa shi ja da baya. Mai gida shi ma kada ya dogara da hoton rasit da aka turo; ya buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin sun shiga. Da zarar sun shiga, a rubuta a littafin kanta, a kuma rufe wannan ranar a kowane shafi nan take. Gidan da ke karɓar baƙi ta WhatsApp da Booking.com da kuma masu shigowa da ƙafa, in bai yi haka ba, zai sayar da ɗaki ɗaya ga mutum biyu, kuma an fi yin hakan a makon hawan Sallah ko lokacin bukukuwan aure, lokacin da babu wani ɗaki a unguwar da za a kai na biyun.