Idan Hannu Biyu Suka Kai Kan Asusu Ɗaya

Rumbun bayanan banki ba ya jiran wani ya gama kafin ya saurari wani. Ayyuka da yawa ke gudana lokaci guda, kowanne a zamansa. To, me zama ɗaya ke iya gani daga aikin da ɗan'uwansa bai kammala ba? Ƙa'idar SQL ta 1992 ta tsara matakai huɗu na keɓewa.

A ce asusun Ladi na da naira 50,000. Zama na farko ya cire 20,000, amma bai tabbatar da aikin da `COMMIT` ba. A mataki mafi sassauci, `READ UNCOMMITTED`, zama na biyu na iya leƙawa ya ga 30,000. Sai na farko ya fasa, ya yi `ROLLBACK`, kuɗin suka koma 50,000. Na biyu kuwa tuni ya hana Ladi biyan 40,000, bisa lissafin da bai taɓa tabbata ba. Wannan shi ne gurɓataccen karatu. PostgreSQL ba ya yarda da shi ko da ka nemi matakin.

`READ COMMITTED` ya toshe wannan kafar, sai abin da aka tabbatar ake gani. Amma da sauran rina a kaba. Mai haɗa rahoto ya karanta 50,000, wani ya cire 20,000 ya tabbatar, da ya sake dubawa a cikin aikin nan dai sai ya tarar da 30,000. Duka biyun gaskiya ne, rahoton ne ya ƙi daidaita. `REPEATABLE READ`, wanda injin InnoDB na MySQL ke farawa da shi, yakan riƙe maka bayanan yadda ka fara ganinsu har ka gama. `SERIALIZABLE` kuma yana sa sakamakon ya fito tamkar bi da bi aka yi ayyukan.

Cirko-cirko wata matsala ce daban. Duk zaman da ya gyara layi yakan kulle shi har ƙarshen aikinsa. Zama na farko zai tura kuɗi daga Ladi zuwa Audu, ya kulle layin Ladi. Na biyu zai tura daga Audu zuwa Ladi, ya kulle na Audu. Yanzu kowa na jiran abin da ke hannun ɗan'uwansa, kamar motoci biyu da suka haɗa goshi a siririn lungu.

PostgreSQL kan bincika bayan jiran daƙiƙa 1, ya soke ɗayan da saƙon `deadlock detected`. A MySQL lambar kuskuren 1213 ce. Wasu kan ruga su ɗaga matakin keɓewa, kuma a ganina ɓata lokaci ne, domin makullan gyara suna nan a kowane mataki. Gyaran yana ga tsari: kowane zama ya fara kulle asusu mai ƙaramar lamba, ko wane ne mai turawa. Da haka na biyu zai jira tun a layin farko, bai riƙe komai ba. Manhajar kuma a rubuta ta yadda za ta sake gwada aikin da aka soke tun daga farkonsa.