Yadda Ake Karanta Jadawalin Bambancin Kasafi

Kafin shekara ta kama ake tsara kasafin kuɗi, amma kasuwa ba ta jiran takarda. Jadawalin bambancin kasafi shi ne wurin da ake jera abin da aka yi niyyar kashewa da abin da aka kashe a zahiri, domin mai ba da gudummawa da ɗan kwamitin masallaci su ga inda aka saɓa da kuma dalilin saɓawar.

Kowane aiki yana da layinsa, kowane layi kuma yana da gurbi biyar: kuɗin da aka ware, kuɗin da aka kashe, bambancinsu a naira, bambancin cikin ɗari, sai bayani. Gurbi huɗun farko lissafi ne kawai. Amanar tana cikin na biyar.

Ga misali da alƙaluman da muka ƙaddara don fahimtarwa. A ce an ware naira 6,000,000 domin sayen buhun gero 200 na rabon azumi, kowane buhu a kan naira 30,000. Da aka je kasuwa sai aka tarar buhu ya kai naira 36,000, aka sayi 180 a kan naira 6,480,000. Jadawali zai nuna an zarce da naira 480,000, wato kashi 8 cikin ɗari. Mai duba na gaggawa zai ce abin bai taka kara ya karya ba, musamman inda aka saba neman bayani sai bambanci ya kai kashi 10.

Sai dai abubuwa biyu ne suka haɗu a wannan adadi. Ƙarin naira 6,000 a kan buhu 180 ya ci naira 1,080,000. Buhu 20 da aka fasa saye kuma sun rage naira 600,000. Ragin ne ya lulluɓe girman tsadar. Idan gida huɗu ke raba buhu ɗaya, gidaje 80 ke nan ba su sami rabo ba. Saboda haka rubuta "hauhawar farashi" kaɗai bai wadatar ba. Bayanin da ya dace shi ne: "Buhu ya tashi daga naira 30,000 zuwa 36,000, an rage buhu 20, gidaje 80 sun rasa."

Haka nan, ba kowane rarar kuɗi ba ne tsimi. Idan damina ta hana haƙa rijiyar burtsatse, kuɗin na nan, aikin ma na nan, don haka wajibi ne bayani ya ce jinkiri ne, ya ambaci watan da za a kammala.

Kuɗin zakka da na waƙafi kuwa kowanne da jadawalinsa, domin ba a cike giɓin gyaran rufin masallaci da rarar zakka. Idan aka haɗa su a jimilla ɗaya, lissafi zai iya daidaita a ƙasan shafi alhali an karkatar da haƙƙin matalauta a tsakiyarsa.