Lattin Da Jinya Ta Jawo: Yadda Ake Bayaninsa A Takarda

A yawancin ofisoshin gwamnati akwai wani littafi da ke zaune a kan tebur kusa da ƙofa. Kowa ya shigo da safe zai rubuta sunansa da lokacin da ya iso, ya sa hannu. A ma'aikatun tarayya ƙarfe 8 ake buɗe aiki, a tashi ƙarfe 4. Idan lokaci ya ɗan ja, wani jami'i yakan zo ya ja layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe, duk wanda ya sa hannu a ƙasan layin nan ya makara ke nan. Littafin ba shi da gurbin da za a rubuta dalili. Wanda ya yi barci ya wuce lokaci da wanda ya kwana a tsaye a kan mahaifiyarsa, duk wuri ɗaya sunayensu ke faɗawa.

Wannan gurbin da babu shi, shi ne wasiƙar bayani take cikewa. Da yawa daga cikin masu jinyar iyaye ba sa rubuta ta, domin sun riga sun faɗa wa maigidansu da baki, shi kuma ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, ba komai." To amma shugaba ana yi masa canjin wurin aiki, yana ritaya, yana kuma mantuwa. Fayil ɗin ma'aikaci shi ne ba ya zuwa ko'ina. Ran da sabon shugaba zai buɗe shi, jan layi zai gani, ba zai ji "ba komai" ɗin da aka faɗa a baranda ba.

Ya kamata mai rubutawa ya san inda yake tsaye a wajen doka, kuma gaskiyar magana wurin ba shi da faɗi. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun lissafa yawan zuwa aiki a makare cikin laifukan rashin ɗa'a. Rashin zuwa aiki ba tare da izini ba kuwa sun sa shi a sahun manyan laifuka, waɗanda kan iya kai mutum ga kora. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 16, ta ba ma'aikaci damar karɓar albashinsa har na kwana 12 na aiki a shekara idan likita ya tabbatar ba shi da lafiya, amma wannan ciwon ma'aikacin ne da kansa. Ba ta ware wani hutu na jinyar uwa ko uba ba. Saboda haka wasiƙar ba neman haƙƙi take yi ba. Aikinta shi ne ta nuna cewa lattin ba hali ba ne, lalura ce mai sanannen dalili da sanannen lokaci, sannan ta miƙa wa shugaba wata mafita da zai iya sa wa hannu ba tare da shi ma an tuhume shi ba.

A ɗauki misalin wani jami'in sashen kuɗi, mai mataki na 7, a wata hukumar tarayya a Kano. Ƙodar mahaifiyarsa ta daina aiki, likitoci sun ɗora ta a kan wankin ƙoda sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, a zangon safe. Wanda bai taɓa jinyar mai wankin ƙoda ba yakan ɗauka kai ta kawai za a yi a juyo. Ba haka ba ne. Zama ɗaya a kan na'urar yakan ci kusan awa 4. Kafin a haɗa ta sai an auna nauyinta da hawan jininta, wani lokaci a duba yawan jinin da ke jikinta, idan ya yi ƙasa a shiga neman na ƙari. A asibitocinmu kuma ɗan'uwan mara lafiya ne ke bin layin biya, shi ke sayo magani, shi ke karɓo sakamakon gwaji. Bayan an cire ta jiri da kasala sukan kama ta, domin jini yakan sauka, ba za a bar ta ta hau a-daidaita-sahu ita kaɗai ba. Shi jami'in yana fita da ita bayan sallar asuba, ya tsaya har a haɗa ta, ƙanwarsa ta kai 'ya'yanta makaranta ta zo ta karɓe shi wajen ƙarfe 9 da rabi. Kafin ya ratsa cunkoso ya isa ofis, 10 da rabi ta yi. A wata guda sunansa ya faɗa ƙasan layi sau 8, sai ga takardar tuhuma a kan teburinsa.

Abin da zai fara dubawa shi ne wa'adin amsa. Takardar tuhuma takan faɗi lokacin da ake son amsa, a wasu wurare awa 24, a wasu 48 ko 72. Barin wa'adin ya wuce wani sabon laifi ne a kan na farko. Sannan ya je ya duba littafin sa hannu ya kwafo ranakun da lokutan daidai yadda suke. Akasari da Turanci ake rubuta irin wannan takarda a ma'aikatun gwamnati, a bi da ita ta hannun shugaban da ke sama da mutum kai tsaye. Ga gundarin abin da tasa za ta ƙunsa:

"Ranka ya daɗe, ina amsa takardar da aka ba ni a kan zuwa aiki a makare. Gaskiya ne na makara sau 8 a watan da ya wuce, dukkansu ranakun Litinin da Alhamis, ina isowa tsakanin ƙarfe 10 da 10 da rabi. Dalili shi ne mahaifiyata tana zuwa wankin ƙoda a waɗannan ranaku da safe, kuma ni ke kai ta har ƙanwata ta zo ta karɓe ni. Na haɗa da takardar likita da ke tabbatar da ranakun. Na yi kuskure da ban sanar a rubuce ba tun farko, ina neman afuwa a kan haka. Na nemi a mayar da zaman Alhamis zuwa Asabar, ina jiran gurbi. Kafin nan ina roƙon a ba ni izinin isowa ƙarfe 10 da rabi a waɗannan ranaku biyu, in tashi ƙarfe 6 da rabi, na tsawon wata 3, sannan a sake duba lamarin. Idan hakan bai yiwu ba, ina roƙon a riƙa cire ranakun daga hutuna na shekara."

Ba ta da tsawo, kuma da gangan ne. Ƙarfinta yana cikin jimla ta biyu. Da ya ce dukkan lattin Litinin da Alhamis ne, ya ba shugaba abin da zai iya tabbatarwa cikin minti biyu: ya buɗe littafi, ya ɗora takardar asibiti a gefe, ya ga ranakun sun zo ɗaya. Malalaci ba ya zaɓar rana. Idan kuwa akwai wata Talata da ya makara saboda tayar babur ɗinsa ta yi faci, to ya ware ta ya faɗi dalilinta dabam. Cusa ta cikin jinya shi ne zai sa a fara shakkar sauran takwas ɗin.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne jimlar da kusan kowace amsar tuhuma ke rufewa da ita, wato alkawarin cewa hakan ba za ta sake faruwa ba. Ga mai jinyar wankin ƙoda wannan alkawari tarko ne ya ɗana wa kansa. Ciwon ba na mako biyu ba ne. Idan ba dashen ƙoda aka yi ba, wankin yakan ci gaba. Ranar Litinin mai zuwa zai sake makara, a lokacin kuma akwai takarda a fayil mai sa hannunsa da ke cewa ya yi alkawari ya saɓa. Abin da zai iya cikawa kaɗai ya kamata ya ɗauka: lokacin isowa da zai iya riƙewa, awannin da zai rama, da ranar da za a sake zama a duba.

Zancen hutun shekara ma ba ado ba ne. Ma'aikacin tarayya mai mataki na 7 zuwa sama yana da kwana 30 a shekara, saboda haka jami'in yana da abin da zai miƙa. Sai dai lissafi zai nuna masa iyakarsa: kwana 2 a mako zai cinye hutun cikin mako 15. Shi ya sa ya sa shi a matsayin zaɓi na biyu. Wanda ke aiki a kamfani sai ya duba takardar ɗaukarsa aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata, domin abin da Dokar Ƙwadago ta tilasta shi ne hutun da bai gaza kwana 6 na aiki ba bayan wata 12, duk abin da ya ƙaru a kai yarjejeniya ce. Haka kuma rama awanni da yamma ya dace da mai aikin fayil da lissafi, amma bai dace da malamar makarantar da darasinta na farko ke farawa da safe ba. Ita abin da za ta roƙa shi ne a sauya mata jadawali, kuma ya fi kyau ta riga ta yi magana da wadda za su yi musaya kafin ta rubuta.

Sai batun sirrin mara lafiya. Wasu, don a tausaya musu, sukan zube komai: yadda tsohon ya daina riƙe fitsari, yadda 'yan'uwa suka gudu suka bar su da ɗawainiya, bashin da aka ci. Takardar nan hannu da yawa za ta bi, daga masinja zuwa rajista zuwa sashen kula da ma'aikata, kuma za ta zauna a fayil shekara da shekaru. Ya isa likita ya rubuta cewa wance tana karɓar magani a ranaku kaza, tana kuma buƙatar mai rakiya. Rikicin gida ba shi da wurin zama a ciki.

Akwai kuma taimakon da ke jefa mutum a rami. Abokin aiki mai kirki yakan ce, "Kar ka damu, zan sa maka hannu." Latti laifi ne ƙarami, amma ƙarya a cikin takardun hukuma tana cikin manyan laifuka, kuma mutum biyu za ta kama. Wanda ke da hujja mai ƙarfi kamar takardar asibiti ba shi da dalilin musanya ta da wannan.

In an gama, sai ya yi kwafi biyu, ya kai rajista, a buga masa hatimin karɓa mai kwanan wata a kan ɗaya ya tafi da shi gida. Idan shugaba ya amince, ya roƙi a rubuta amincewar, ko da layi ɗaya ne a gefen takardar. Amsar na iya zuwa da gargaɗi a haɗe, musamman tunda sai da aka tuhume shi ya yi bayani, kuma shugaba yana da ikon ƙin sauya masa lokaci gaba ɗaya. Da a makon da likita ya fara tsara ranakun wankin ya rubuta, da takardar neman izini za ta shiga fayil ɗinsa maimakon amsar tuhuma, kuma masu zaman ƙarin girma ba kallo ɗaya suke yi wa takardun biyu ba.