Biyan kuɗi ta salula idan rezo ya ɗauke: abubuwan da ya kamata ka sani

Ina kuɗin suke?

Kuɗinka na Airtel Money, Moov Money ko Zamani Cash ba a cikin salularka suke ba. Suna rubuce ne a rumbun kwamfutar kamfani, waya kuwa ɗan aike ce. Shi ya sa ƙaramar waya marar intanet take iya biya: lambar da ake latsawa da tauraro, wato USSD, layin kira na 2G take bi. Amma dole wayar ta kama eriya. Makiyayin da ya yi nisa a daji arewa da Tanout, inda babu sanda ko ɗaya a fuskar waya, ba zai iya tura ko dala ba.

Idan rezo ya yanke ana tsakar biya

Nan ne ake asara. A ce ka sayar da rago jika 60 ranar kasuwar Belbédji, mai saye ya latsa, sai rezo ya ɗauke. Idan bai kai ga sa lambar sirri ba, babu abin da ya motsa. Idan ya riga ya sa, mai yiwuwa kuɗin sun fita daga asusunsa, saƙon tabbatarwa ne ya maƙale a hanya, don shi tafiyarsa daban. Ranar kasuwa eriya kan cika da masu kira, saƙo ya yi jinkiri.

Mai saye da ya gaji da jira ya sake turawa zai iya biyan jika 120. Kai kuma mai rago, ɗan damfara na iya turo maka saƙon da ya rubuta da hannunsa, ya ɗora laifin a kan rezo. Saƙon gaskiya da sunan kamfani yake zuwa, ɗauke da lambar cinikin. Duk da haka, ni dai ba zan saki igiyar rago ba sai na duba asusuna na ga ya ƙaru da jika 60. Idan an cire wa mai saye kuma ba su iso ba, lambar cinikin ita ce hujjar kai ƙorafi, kada a goge saƙon.

Akwai biya ba rezo sam?

Akwai, amma tsari ne daban. Ana loda kuɗi tun farko a kati ko waya, a kara da na'urar mai kaya, sai rezo ya dawo a daidaita lissafi. Haɗarinsa shi ne a kashe kuɗi ɗaya sau biyu kafin kamfani ya sani, shi ya sa ake ƙayyade shi ƙwarai. A Janairun 2022 babban bankin Indiya ya yarda da shi a kan rupi 200 a ciniki ɗaya, 2,000 jimilla. Irin wannan iyaka ta isa sayen shayi da suga, ba ta kai kuɗin rago ba.