Loɓa Ta Ƙi Ja Baya: Halitta Ce Ko Cuta?

A yawancin gidajen Hausawa ba a yi wa yaro kaciya yana jinjiri. Akan jira sai ya kai shekara shida ko bakwai, a kira wanzami da hunturu. A unguwa irin Abakpa da ke arewacin birnin Kaduna, inda ƙabilu da yawa ke zaune tare, za a tarar da gidan da ya yi wa ɗansa kaciya a makon haihuwa, maƙwabcinsa kuwa ɗansa ya shiga firamare da loɓarsa. Saboda haka akwai yara da dama da ke shafe shekaru da wannan fata da ta rufe kan azzakari, iyaye kuwa sukan ruɗe idan suka ga ta ƙi ja baya, ko bakinta ya yi ja ya kumbura. Abubuwa biyu ne daban, kuma kama da wane ba ta wane.

Na farko shi ne tsukewar loɓa, wadda likitoci ke kira fimosis. Ana haihuwar yaro ne da cikin loɓarsa manne da kan azzakari, kamar yadda farce ke manne da yatsa. A hankali suke rabuwa da kansu yayin da yaro ke girma. A shekarar 1949, wani likitan yara a Ingila, Douglas Gairdner, ya gano cewa jarirai 4 kacal cikin 100 ne loɓarsu ke ja baya gaba ɗaya lokacin haihuwa. A 1968 kuma Jakob Øster, likitan makarantu a Denmark, ya bi diddigin ɗalibai kusan 2,000. Ya sami tsukewar a jikin kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara shida zuwa bakwai, amma a 'yan shekara 16 zuwa 17 ta ragu zuwa kashi 1. Wato ke nan yawancinta takan warware ba tare da magani ba. Muddin fatar tana da laushi, launinta bai sauya ba, yaro kuma yana fitsari ba zafi, to ba cuta ba ce. Ko da loɓar tana ɗan cika kamar balan-balan lokacin fitsari, wannan shi kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne.

Na biyu shi ne kumburin kan azzakari, wato balanaitis, wanda sau da yawa yakan haɗa har da loɓar. Shi wannan ciwo ne, kuma yakan zo cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙarƙashin loɓa wuri ne mai ɗumi da danshi. Idan ragowar fitsari da dauɗa suka taru, ƙwayoyin cuta na bakteriya ko na kandida sai su sami wurin yaɗuwa. Wani lokaci kuma babu ƙwayar cuta ko kaɗan, sabulu mai kaifi ne ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta da aka zuba a ruwan wanka ya ƙone fatar. Alamominsa su ne ja, kumburi, ƙaiƙayi, zafi idan fitsari ya taɓa wurin, wani lokaci da mugunya mai wari.

A ɗauki misali da yaro ɗan shekara biyar a Abakpa, wanda ba a yi wa kaciya ba tukuna. Ya tashi da safe yana kuka wurin fitsari, mahaifiyarsa ta duba ta ga bakin loɓar ya yi ja, akwai kuma ɗan ruwa rawaya a gajeren wandonsa. Ta gwada jan fatar, ta ƙi. A asibiti, tambayar farko da ma'aikacin lafiya zai yi ita ce, kafin wannan ciwo, loɓar tana ja baya? Idan ba ta taɓa ja ba, kuma yaron bai taɓa kokawa ba sai jiya, to tsukewar ta halitta ce, sabon abu shi ne kumburin, shi za a yi wa magani. Za a ce a riƙa zaunar da yaron cikin ruwan ɗumi na kamar minti goma, sau biyu a rana, a daina sa wa wurin sabulu, a tsane shi da tsumma mai tsabta. Za a ba da man shafawa gwargwadon abin da ya jawo ciwon: kulotirimazol idan kandida ce, ko mai kashe bakteriya idan akwai mugunya. Cikin mako guda yawanci ya lafa. Idan kuwa kumburin ya gangara zuwa jikin azzakari, ko zazzaɓi ya shigo, ko fitsari ya tsaya, ba a kwana da shi a gida.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jan loɓar da ƙarfi don a wanke ciki. Ƙarfi yakan tsattsage bakin fatar, idan tsagar ta warke sai ta bar tabo, shi kuwa tabo ba ya miƙewa. Ta haka tsukewar halitta ke komawa ta cuta. Kumburi mai yawan dawowa ma yakan bar irin wannan tabo. Ana gane tsukewar cuta da wani farin zobe mai tauri a bakin loɓar, ko kuma a ce da tana ja baya, yanzu ta daina. Idan babu tabo sosai, likita kan fara da man betametason mai ƙarfin kashi 0.05 cikin 100, a shafa a bakin fatar sau biyu a rana na mako huɗu zuwa takwas, ana ɗan miƙar da ita a hankali. Wannan yakan yi aiki ga yawancin yara. Idan farin zoben ya kafu, kaciya ce magani. Sai dai ba a yin ta wurin yana kumbure da mugunya, sai ya warke.

Akwai hali guda da ba ya jira, wato farafimosis. Shi ne a ja tsukakkiyar loɓa ta wuce kan azzakari, ta maƙale a baya, ta ƙi dawowa. Zoben sai ya shaƙe jijiyoyin da ke mayar da jini, kan ya yi ta kumbura da zafi mai tsanani, launinsa ya fara duhu. Idan aka bar shi na sa'o'i, naman na iya mutuwa. Asibiti za a nufa nan take, ko da tsakar dare ne. Shi ya sa duk wanda ya ja loɓa don wanka ya wajaba ya mayar da ita mazauninta.

Ga manya labarin ya ɗan bambanta. Magidancin da ba shi da kaciya, wanda loɓarsa ta fara tsattsagewa tana tsukewa, ko ja da ƙaiƙayi ke yawan dawo masa, ya kamata a auna sukarin jininsa. Sukarin da ke fita cikin fitsari abinci ne ga kandida, kuma ga wasu maza wannan ce alamar farko ta ciwon sukari. Mai kaciya ma kan iya samun kumburin, sai dai ba kasafai ba. Idan mugunyar daga cikin mafitar fitsari take fitowa, to ana zargin cutar da ake ɗauka ta saduwa, a nan kuwa miji da mata duka ake dubawa. Gyambo ko jan tabo da ya wuce 'yan makonni bai warke da magani ba yana bukatar bincike, domin sankarar azzakari, ko da yake ba ta da yawa, haka take farawa.

Yaron da ya fara girma shi ya fi kowa sanin inda fatarsa ke tsayawa ba zafi. A koya masa ya ja ta iya nan, ya ɗauraye da ruwa zalla, ya tsane, ya mayar. Malamin da ya lura ɗalibi yana yawan neman izinin fita fitsari yana dafe da gabansa, ya kira shi gefe ya tambaye shi, domin kunya kan hana yaro faɗa har sai abin ya yi nisa.