Yadda ake gano ainihin sa'o'in aikin da ma'aikata ke da su

Shugaban ofis ko mai shago yakan ƙirga ma'aikatansa, ya ninka da awa takwas, ya ɗauki alƙawarin kammala aiki a kan wannan lissafi. Idan wa'adi ya cika aiki bai ƙare ba, sai a ɗora wa ma'aikata laifin lalaci, alhali sau da yawa lissafin ne ya karkace tun daga tushe.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wata hanya da ake kira WISN, wadda ake amfani da ita wajen tantance yawan ma'aikatan da asibiti ke buƙata. Ɗaya daga cikin matakanta na farko shi ne a cire duk ranakun da mutum ba ya bakin aiki kafin a fara ƙirga sa'o'i. Wannan dabara tana yi wa kowane ofis ko masana'anta amfani.

Mu ɗauki misalin ofishin malaman gona mai mutum shida a Haɗejia, masu zagaya manoman shinkafa a fadamun Auyo da Kirikasamma. Alƙaluman na misali ne, kowa sai ya sa nasa. Shekara tana da kwana 365. Idan aka cire Asabar da Lahadi 104, saura 261. A takarda ke nan kowane ma'aikaci yana da awa 2,088.

Daga nan sai a cire hutun gwamnati da ya faɗo a ranakun aiki, irin su Sallah ƙarama da babba, Mauludi, Kirsimeti da 1 ga Oktoba, mu ce kwana 13. A cire hutun shekara kwana 21, rashin lafiya kwana 8, sai kwana 9 na bita, ta'aziyya, suna da jinyar iyali. Abin da ya rage kwana 210 ne. A nan a kula da abu biyu: a tabbatar ko da ranakun aiki ake ƙirga hutun shekara ko har da ƙarshen mako, kuma kada a cire rana ɗaya sau biyu idan hutun Sallah ya faɗo cikin hutun mutum.

Su ma kwanakin da suka rage ba cikakku ba ne. A mako mai awa 40, salla da cin abinci daga Litinin zuwa Alhamis suna ɗaukar awa 4, Juma'a ta tafi da awa 3, taro kuma ya ci awa 3. Saura awa 30, wato 6 a rana. Kwana 210 sau 6 ya ba da awa 1,260, kimanin kashi 60 cikin ɗari na abin da ke takarda. Mutum shida suna da awa 7,560 ke nan, ba 12,528 ba.

Idan aka ba wannan ofis aikin da ke buƙatar awa 9,000 a shekara, mai lissafin takarda zai ce mutum biyar ma sun isa. Amma in aka raba 9,000 da 1,260, za a ga ko mutum bakwai ba su cika isa ba. Taro ma yana da tsadar da ba a gani: zaman awa ɗaya na mutum shida, awa shida ne ofis ya kashe.

Sai dai lissafin shekara yana ɓoye wani abu da mutanen bakin kogin Haɗejia suka sani sarai. Ciwo ba ya rarraba kansa daidai a kan wata goma sha biyu. Zazzaɓin cizon sauro yana tsananta ne a ƙarshen damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, lokacin da kogi ke cika, kamar yadda ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi a sassan Jigawa. A lokacin ne kuma manomi ya fi buƙatar malamin gona. Idan a Satumba mutum ɗaya yana hutu, wani ya kwanta mako biyu, ofis ya rasa rubu'in ƙarfinsa tun kafin a yi maganar lalacewar hanya. Don haka a yi lissafin wata-wata, a ware wa watan azumi nasa, a kuma tsara hutun shekara zuwa watannin da aiki ya yi sauƙi.

Kada a gina lissafin a kan zato. A ɗauko littafin sa hannu na bara a ƙirga ranakun da kowa bai zo ba, sannan kowa ya rubuta yadda ya kashe lokacinsa na mako biyu. Idan an saba ƙarasa aiki da daddare ko ranar Asabar, ko ana yawan ɗage wa ma'aikata hutu, alama ce cewa an ɗauki alƙawarin da ya fi sa'o'in da ake da su. Mai sana'a ma ya tuna cewa Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikacin da ya cika wata goma sha biyu yana aiki hutun aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi, da har kwana goma sha biyu na rashin lafiya a shekara idan likita ya tabbatar. Ya kamata ya cire waɗannan kwanaki daga lissafinsa kafin ya sa wa mai kaya rana.