Takardar ajiye aiki ta shiga, maigida ya ce "dawo mu daidaita"

Tun da aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a watan Nuwamban 2014, ƙungiyoyin agaji suka shigo arewacin Adamawa da albashin da makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci ba sa iya biya. Ga kuma Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duk a cikin garin, suna jan masu takardu. Shi ya sa maigidan da ya shekara yana cewa "a ƙara haƙuri" yakan samo kuɗin ƙarin albashi ranar da takardar ajiye aiki ta sauka a teburinsa.

Abin da ma'aikata da yawa ba su sani ba shi ne, a lokacin ƙasa ta riga ta sauya a ƙarƙashin ƙafarsu. Kotunan Najeriya sun daɗe a kan matsaya guda: ajiye aiki yana tabbata ne da zarar takardar ta isa hannun maigida, ba sai ya amince ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta nanata haka a shari'ar WAEC da Oshionebo a 2006. Janye takardar kuwa sai da yardar maigida. Wato wanda ya ji "zauna, za mu duba" ya koma kujerarsa, yana zaune ne a kan alkawarin baki, alhali takardar da ke cikin fayil tana cewa ya tafi.

A ɗauki misalin akawun wata makarantar kuɗi, shekararsa shida yana aiki, albashinsa naira 90,000. Wata ƙungiyar agaji ta ba shi 200,000 a wata, kwantiragin wata tara. Ya miƙa takarda, sai mai makarantar ya kira shi: "Malam, ai mu da kai an zama ɗaya. Zan mayar maka da shi 130,000."

Wata tara a ƙungiyar zai ba shi miliyan 1.8. Shekara guda a makarantar, in ƙarin ya tsaya, miliyan 1.56 ne, kuma aikin bai da ranar ƙarewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ga yadda dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025 ya tsayar da ayyukan agaji a arewa maso gabas. Zama yana da hujjarsa.

Sai dai a tambaya: a ina aka ajiye 40,000 ɗin? In an kira shi alawus na musamman, ba a zuba shi cikin ainihin albashi ba, cire shi ba wuya. In aka yanke shi bayan wata uku, abin da akawun zai kwasa a shekarar miliyan 1.2 ne, kujerar ƙungiyar kuma an ba wani. Ga fansho ma: dokar 2014 ta ce maigida ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, kuma mafi ƙarancin abin da ake lissafawa a kai shi ne ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Ƙarin da aka ajiye a gefe yana iya wucewa bai taɓa asusun ba.

Akwai kuma shekaru shidan. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ba wanda ya kai shekara biyar sanarwar wata guda kafin a sallame shi, wanda bai wuce wata uku ba kuwa kwana ɗaya tak. Dokar ba ta rufe manyan ma'aikatan ofis da ƙwararru ba, su takardar ɗaukarsu ce ke magana, amma darasin ɗaya ne: in aka rubuta dawowar a matsayin sabuwar ɗauka, tsohon ma'aikaci ya koma ɗan jiya.

Don haka kafin akawun ya ce wa ƙungiyar ya fasa, ya karɓi takarda mai sa hannu da kwanan wata, wadda ta ce an yarda ya janye ajiye aikinsa, shekarunsa suna nan a lissafi, sabon albashi kaza ne daga wata kaza. Ita ce za ta yi magana a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Yola in abu ya ɓaci. A Mubi, inda mai makarantar kan zama maƙwabci ko abokin mahaifi, neman takarda yana da nauyi a baki, amma mai niyyar cika alkawari ba ya jin zafin rubuta shi. In ya ce "sai an shiga sabon zango", ko aka kawo wani yaro aka ce a koya masa littattafan kuɗin makaranta, to lokaci ake saye kafin a sami madadi.

In kuma jinkirin albashi ne ya kori akawun tun farko, ƙarin 40,000 zai shiga layin jinkirin ne tare da 90,000 ɗin.